Daga Sikeli Zuwa Hukunci: Yadda Ake Rubuta Sharhi da Kammalawar Rahoton Gwajin Kemistiri

Rahoton gwajin kemistiri a jami'a yana bin tsari sananne: manufar gwaji da hasashen da aka yi, kayan aiki da hanyar da aka bi, sakamako, sharhin sakamako, sannan kammalawa. Sassan farko uku suna faɗin abin da aka yi niyya, abin da aka aikata, da abin da aka gani. Sassa biyu na ƙarshe kuwa aikinsu amsa tambaya guda ne: shin alƙaluman da aka samu sun goyi bayan hasashen da aka fara da shi, kuma har zuwa wane mataki?

Hasashe a nan yana nufin magana takamaimiya da ɗalibi ya rubuta kafin ya taɓa kayan aiki, wadda gwaji zai iya mara mata baya ko ya rushe ta. Duk jimlar da za ta shiga sharhi, sai ta kasance tana da alaƙa da wannan magana. Gwaji guda da aka saba ba ɗaliban shekarar farko ya isa ya nuna yadda ake ƙulla wannan alaƙa. A jami'o'in Nijeriya da Turanci ake rubuta rahoton, a Nijar kuma da Faransanci, amma tsarin tunanin ɗaya ne, don haka an kawo misalan jimloli a nan da Hausa.

Gwajin da hasashensa

Kofa salfet gishiri ne na jan ƙarfe mai launin shuɗi. Ko da yake a bushe yake a ido, akwai ruwa ɗaure a cikin ƙwayoyinsa. Idan aka gasa shi, ruwan yakan fita ya bar farin gari. Ana rubuta shi CuSO4·5H2O, ma'ana kowane kaso ɗaya na gishirin yana riƙe da kaso biyar na ruwa. Masana kemistiri suna ƙirga waɗannan kason da ma'aunin da ake kira mol. Mol ɗaya na busasshen gishirin giram 159.6 ne, mol ɗaya na ruwa kuma giram 18.0. Mol biyar na ruwa ke nan giram 90.1 cikin jimillar giram 249.7, wato kashi 36.1 cikin ɗari.

Daga nan hasashen ya fito: idan gishirin yana ɗauke da kaso biyar na ruwa, to gasa shi zai rage nauyinsa da kimanin kashi 36.1 cikin ɗari. Tushen wannan hasashe shi ne ƙa'idar da Bafaranshe Joseph Proust ya kafa a ƙarshen ƙarni na 18, cewa kowane tsantsar sinadari yana ɗauke da abubuwan da suka haɗa shi a kan rabo guda wanda ba ya canzawa. Hasashen yana da lamba, kuma lambar ce za ta ba sharhi abin da zai auna sakamako da shi. Da ɗalibi ya rubuta kawai cewa nauyin gishirin zai ragu, da kowane sakamako ya dace da maganarsa, sharhin kuma ya rasa abin kamawa.

A ɗauka cewa wata ɗaliba ta auna giram 2.50 na gishirin a cikin ɗan kaskon tangaran mai murfi, ta gasa a kan wutar gas ta ɗakin gwaji, ta bari ya huce, ta sake aunawa. Ta maimaita da sabon gishiri har sau uku. Nauyin da ya ragu shi ne giram 0.85, da 0.87, da 0.86. Sikelin da ta yi amfani da shi yana karanta nauyi zuwa giram 0.01. A littafin aikinta ta rubuta abubuwa uku da ta lura da su: ƙwayoyin gishirin shuɗi ne garau kafin gashi, garin da ya rage fari ne mai ɗan sirkin shuɗi, kuma sau biyu kawai ta gasa kowane kasko saboda ƙurewar lokaci, inda awo na farko da na biyu suka bambanta da kusan giram 0.03.

Sakin layi na farko: sakamako a gefen hasashe

Sharhi yana buɗewa da babban sakamako, a ajiye shi kusa da lambar da aka yi hasashe. Ba a sake kwafo jadawalin awo, domin yana can a sashen sakamako. Matsakaicin ragin nauyi giram 0.86 ne, wanda ya kama kashi 34.4 cikin ɗari na giram 2.50. Garin da ya rage giram 1.64 ne. Ruwan da ya fita mol 0.0477, busasshen gishirin mol 0.0103, rabon da ke tsakaninsu kuma ya kama 4.6. Ɗalibar tana iya buɗe sharhinta haka:

"Gishirin ya yi asarar kashi 34.4 cikin ɗari na nauyinsa, alhali hasashe ya sa ran kashi 36.1. Wannan ya ba da mol 4.6 na ruwa ga kowane mol na gishiri, maimakon 5."

Jimla biyu sun gaya wa mai karatu abin da aka samu, abin da aka sa rai, da girman tazarar da ke tsakani. A nan ne ɗalibai da yawa suke tsayawa, su ce 4.6 ya kusa da 5, don haka hasashe ya tabbata. Kusanci kaɗai bai zama hujja ba sai an nuna cewa sauran amsoshin da za su iya yiwuwa sun fi nisa. Da kaso huɗu ne na ruwa a gishirin, da ragin ya zama kashi 31.1, da shida ne, da ya zama kashi 40.4. Sakamakon 34.4 yana da tazarar 1.7 daga na biyar, 3.3 daga na huɗu, 6.0 kuma daga na shida. Wannan kwatancin ne ke ba ɗaliba ikon cewa biyar ce lambar da ta fi dacewa da abin da ta auna.

Sakin layi na biyu: shin sikeli ne ya jawo tazarar?

Babu awon da ba shi da ɗan gibi. Tambayar da sharhi zai amsa ita ce ko tazarar da aka gani ta fi ƙarfin gibin kayan awo. Ana samun ragin nauyi ne ta hanyar cire awo ɗaya daga wani, kuma kowannensu yana iya kaucewa da giram 0.01. Mafi munin hali ke nan ragin ya kauce da giram 0.02, wanda a kan giram 2.50 ya kama kashi 0.8 cikin ɗari. Sakamakon ɗalibar yana tsakanin 33.6 da 35.2. Lambar hasashe, 36.1, tana waje da wannan iyaka. Saboda haka ba za a ɗora wa sikeli laifin tazarar gaba ɗaya ba.

Akwai shaida ta biyu a cikin awon kansa. Gwaje-gwajen uku sun ba da kashi 34.0, da 34.8, da 34.4. Sun yi kusa da juna, kuma dukkansu suna ƙasa da 36.1. Kuskure iri biyu ne a awo. Akwai na katsaham, wanda yau zai ɗaga lamba gobe ya sauke ta, kuma maimaita gwaji da ɗaukar matsakaici yakan rage shi. Akwai kuma mai karkata gefe guda, wanda yake tura kowane awo zuwa ɓangare ɗaya. Shi ko an maimaita gwaji sau ashirin yana nan daram. Awo uku da suka taru wuri guda amma duk suka faɗi ƙasa alama ce ta iri na biyu. Da zarar sharhi ya faɗi haka, ya san irin dalilin da zai nema: abin da ke rage lambar ruwa a kowane gwaji.

Sakin layi na uku: dalilai, kowanne da alƙiblarsa

Wannan sashe ne ya fi kowanne nauyi, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Sau da yawa ana ganin jeri kamar "kuskuren ɗan Adam, rashin kyawun kayan aiki, da ƙazantar sinadari". Irin wannan jeri zai shiga kowane rahoto, shi ya sa bai bayyana komai game da wannan gwaji ba. Kowane dalilin da za a ambata sai ya amsa tambayoyi uku: zai ɗaga sakamako ne ko zai sauke shi? Girmansa ya kai ya cike tazarar? Akwai abin da aka gani a ɗakin gwaji da ke nuna ya faru?

Dalilai biyu da ɗalibai suke yawan rubutawa suna faɗuwa tun a tambayar farko. Na ɗaya shi ne tartsatsin gishiri daga kasko lokacin gashi. Idan gishiri ya yi tsalle ya fita, sikeli zai lissafa shi a cikin abin da ya ragu, sai lambar ruwa ta hau sama da 36.1. Na biyu shi ne wuce gona da iri wajen gashi. Idan zafi ya haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, busasshen gishirin kansa yakan fara rushewa, ya saki iska mai ɗauke da farar wuta, ya bar baƙin gari na CuO. Wannan ma ƙara ragin nauyi yake yi. Tunda sakamakon ɗalibar ƙasa ya yi, kuma ba ta ga baƙi a kaskonta ba, waɗannan biyun ba su ne suka jawo tazarar ba. Faɗin haka a jimla ɗaya yana da amfani, domin ya nuna an auna su an ajiye.

Dalilan da ke sauke sakamako uku ne. Na farko, gishirin ya riga ya rasa wani ɓangare na ruwansa kafin a auna shi. Kofa salfet yakan saki ruwa a hankali idan ya daɗe a buɗe cikin busasshiyar iska, abin da ya kamata ɗalibi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya tuna da shi a lokacin hunturu. Alamarsa ita ce farin gari-gari a jikin ƙwayoyin. Littafin ɗalibar ya ce shuɗi ne garau, don haka wannan dalili ba shi da shaida.

Na biyu, busasshen garin ya sake shan laima yayin da yake hucewa. Farin kofa salfet yana jan ruwa daga iska, har ana amfani da komawarsa shuɗi wajen gane ko akwai ruwa a cikin wani abu. Idan an bar kasko ya huce a fili, musamman da damina, nauyinsa yakan ɗan ƙaru kafin a kai shi sikeli. Wannan yana iya taka rawa, kuma ya dace a ambace shi tare da faɗin inda aka ajiye kaskon da tsawon lokacin da ya ɗauka.

Na uku, gashin bai kammala ba, kuma shi ne shaida ta fi nunawa. Ruwan da ke cikin wannan gishiri ba ya fita lokaci guda. Kaso huɗu sukan fita kafin zafi ya wuce kimanin digiri 110, amma na biyar ya fi kama jiki, sai zafi ya haura digiri 200 yake saki. Ɗalibar ta ga sirkin shuɗi a garin, kuma awonta biyu na ƙarshe ba su daidaita ba, wato nauyi yana kan raguwa lokacin da ta tsaya. Lissafi ma ya dace. Hasashe ya sa ran ragin giram 0.90, aka samu 0.86, giram 0.04 ne ya yi saura, wato mol 0.002 na ruwa. Gishirin da aka fara da shi mol 0.010 ne. Idan kashi ɗaya cikin biyar na gishirin ya riƙe kasonsa na ƙarshe na ruwa, wannan kaɗai ya isa ya cike tazarar.

Akwai wani abu da sharhi mai zurfi zai fito da shi. Ragin nauyi ya gaza da ƙasa da kashi biyar cikin ɗari na abin da aka sa rai, amma rabon ya sauka daga 5 zuwa 4.6, kusan kashi bakwai. Dalili shi ne ruwan da ya maƙale ya shiga lissafi sau biyu: ya rage adadin ruwan da aka ce ya fita, kuma ya ƙara nauyin garin da aka ɗauka busasshen gishiri ne. Idan aka saka giram 0.90 da 1.60 a lissafin, rabon yakan koma 5.0. Ɗalibin da ya nuna haka ya haɗa kuskuren da lambar ƙarshe ta hanyar da mai karatu zai iya bi da alƙalaminsa.

Gyaran da ya fito daga dalili

Shawarar gyara tana biyo bayan dalilin da aka gano kai tsaye. Tunda gashi ne bai kammala ba, gyaran shi ne a riƙa gasawa, a huce, a auna, har sai awo biyu a jere sun daidaita cikin giram 0.01. Tunda laima na iya komawa, a hutar da kasko a cikin desiketa, wato tukunyar gilas mai rufi wadda aka zuba mata abin shan laima kamar silika jel. Idan ana son rage gibin sikeli, a ninka gishirin zuwa giram 5.00, sai gibin ya sauka daga kashi 0.8 zuwa 0.4, ko a yi amfani da sikeli mai karanta giram 0.001. Shawara irin "a ƙara kulawa" ba ta gaya wa wanda zai maimaita gwajin abin da zai canza ba. Haka kuma "a ƙara yawan maimaici" ba za ta magance wannan matsala ba, tunda an riga an nuna kuskuren mai karkata gefe guda ne.

Ƙarfin magana daidai da ƙarfin shaida

Zaɓen kalma a sharhi yana bin nauyin hujja. Abin da aka auna ana faɗinsa kai tsaye: nauyi ya ragu da giram 0.86. Abin da aka fahimta daga awo ana faɗinsa da ɗan sassauci: "wannan yana nuna", "mafi yiwuwar dalili shi ne". Gwaji uku a rana ɗaya suna iya goyon bayan hasashe, amma kalmar "ya tabbatar" ta yi musu girma, domin ɗalibar ba ta gwada cewa ruwa zalla ne ya fita daga kaskon ba. Ta ɗauka haka ne bisa ilimin da aka riga aka sani. Kyakkyawan sharhi yakan ambaci irin wannan zato a fili.

Idan kuma sakamako ya saɓa wa hasashe ƙwarai, ana rubuta shi yadda ya zo. Da ɗalibar ta samu ragin kashi 25 cikin ɗari bayan nauyi ya daidaita kuma garin ya yi fari tas, da sai ta ce sakamakon bai goyi bayan kaso biyar ba ga wannan gishirin da aka ba ta, ta nuna cewa ya fi kusa da kaso uku, wanda lissafinsa kashi 25.3 ne, sannan ta duba ko gishirin ya bushe a ajiya. Gyara lamba don ta dace da littafi maguɗi ne, kuma yana rufe ƙofar da ake gano sabon abu ta cikinta. A 1892 Lord Rayleigh na Ingila ya lura cewa iskar naitirojin da ya tace daga sararin samaniya ta ɗan fi wadda ya samar daga sinadarai nauyi. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma ya fi gibin awonsa, sai ya ƙi yin watsi da shi. Bin diddigin wannan tazara tare da William Ramsay ne ya kai ga gano iskar argon a 1894.

Kammalawa

Kammalawa gajeriya ce, jimla uku zuwa biyar. Tana komawa ga manufa da hasashe, ta faɗi lambar ƙarshe tare da gibinta, ta yanke hukunci, ta ambaci babban abin da ya taƙaita hukuncin. Ba a kawo sabon awo, sabon dalili ko sabuwar shawara a cikinta. Duk abin da ta ƙunsa sai ya kasance an riga an kafa shi a sharhi. Haka kuma ba wurin faɗin cewa gwajin ya yi daɗi ba ne, ko cewa an koyi abubuwa da yawa. Ta ɗalibar tana iya zama haka:

"An yi gwajin ne don gano adadin ruwan da ke cikin kofa salfet, bisa hasashen cewa kaso biyar ne, wato kashi 36.1 cikin ɗari na nauyi. An samu kashi 34.4, da gibin 0.8 sama ko ƙasa, wanda ya ba da rabon 4.6. Sakamakon ya fi dacewa da kaso biyar a kan huɗu ko shida, don haka ya goyi bayan hasashen. Sai dai ya faɗi ƙasa fiye da yadda gibin sikeli zai bayyana, kuma shaida ta nuna rashin kammala gashi ne babban dalili."

Kafin miƙa rahoto, akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibi zai yi wa rubutunsa. Ya karanta hasashen da ke shafin farko, ya tsallake zuwa kammalawa, ya duba ko ta biyun ta amsa ta farkon da kalmomi da ma'auni iri ɗaya. Idan hasashe ya yi maganar kashi cikin ɗari na ruwa, kammalawa ma ta yi maganarsa. Sannan ya bi sharhi jimla bayan jimla, ya tambayi kowace: wace lamba ko wane abin da aka gani ne ya ɗauke ta? Jimlar da ba ta da amsa sai a cire ta ko a nemo mata shaida a littafin aiki. Shi ya sa ake rubuta launi, lokaci da yawan gashi tun ana tsaye a gaban wuta: a rahoton wannan ɗaliba, ɗan sirkin shuɗi da bambancin giram 0.03 da ta rubuta a littafinta su ne suka ba ta hujjar bayyana tazarar da ke tsakanin 34.4 da 36.1.